Takardar Idon Kawuna

A danginmu na wajen uwa ni kaɗai ce na gama sakandare, saboda haka duk takardar da aka rubuta da Turanci wurina ake kawo ta. Katin asibiti, takardar makarantar yara, saƙon banki a waya, har rubutun jikin kwalbar maganin feshi. Da aka yi mini aure na tare a Kaura Namoda ma abin bai tsaya ba. Mutum zai taso daga Badarawa, can wajen Shinkafi, da takarda a naɗe cikin leda, ya sha ruwa, a gaisa, sannan ya miƙo mini. Ni kuma in gyara zama in karanta in fassara, ba na ko jinkiri. Ba wanda ya san sau biyu na zauna jarrabawar ƙarshe ina faɗuwa a Turanci, ni ma ban taɓa ganin dalilin faɗa musu ba.

Cikin masu kawo mini takarda akwai kawuna, yayan mahaifiyata. Manomi ne, yana da shanun huɗa guda biyu, fari da ja, da ya yi rainonsu tun suna 'yan maruƙa, da su yake noma gonarsa ta gero da dawa, ya kuma yi wa mutane huɗa. Shekaru yana ƙorafin idonsa na dama, yana cewa kamar hayaƙi ke rufe shi daga gefe, har ya kai ba ya ganin komai da shi. Wata bazara aka yi sanarwa wasu likitocin ido sun zo Kaura za su duba mutane kyauta na kwana uku. Kawu ya zo ya sauka a gidanmu, ya tafi tun da sassafe, bai dawo ba sai bayan la'asar, da ƙaramar kwalbar maganin ɗigawa da kati.

Ya ce mutane sun fi ƙarfin wurin. Likitar da ta duba shi ba ta jin Hausa, mai yi mata tafinta kuma mutum ɗaya ne yana gudu tsakanin ɗakuna uku.

"Tsaye yah hwaɗa mini magana, yana kallon ƙofa," in ji Kawu. "Wai idon dama ya tafi, in kula da na hagu. Ni ban yarda da shi ba. Likita ta yi rubutu da hannunta bayan katin ga. Ɗiyata, duba mini mi ta ce."

Na karɓa. Rubutun a fili yake, jimla biyu ne kacal:

"If he had come earlier, we would have saved the right eye. If he uses the drops every day, he will keep the sight in the left eye."

Na san kowace kalma a ciki. Na san "if" idan ne, "come" zuwa, "earlier" da wuri, "save" ceto, "right eye" idon dama. Su "had" da "would have" kuwa na ɗauke su ado ne na masu ilimi. An taɓa koya mana cewa "would" kalmar ladabi ce, ita ake sawa in za a roƙi babba wani abu, sai na ce likitar ladabi take yi wa dattijo.

Na ce, "Kawu, ta ce idan ka zo da wuri za su ceto idon dama. Na hagu kuma ka riƙa ɗiga magani kullum."

Ya yi wata dariya da na daɗe ban ji ya yi ba. Ya ce shi dama ya san tafintan nan gaggawa yake. Ya tambaye ni ina zai zo da wuri, tunda gobe likitocin za su tafi. Na juya katin na ga an buga sunan babban asibitin da suka fito, can wata jiha mai nisa, na ce ai can take nufi. Ya mayar da katin cikin leda ya sa a aljihun gaba. Washegari ya koma Badarawa yana lissafin yadda zai yi tafiyar kafin ruwa ya sauka.

A lokacin na riga na shiga wani aji na manya, domin ina so in sake zama jarrabawa in samu shiga kwalejin horon malamai. Asabar da Lahadi da safe muke haɗuwa a wani ajin firamare, mu kusan ashirin, muna cusa gwiwoyi a bencin yara. Akwai malaman firamare da ke kan aiki, akwai mai shagon magani, akwai matan aure irina. Malamarmu 'yar Zurmi ce, dattijuwa da ta yi ritaya bayan shekaru masu yawa tana koyar da Turanci a makarantar 'yan mata. Bafulatana ce, a waya mukan ji tana Fillanci da 'yan'uwanta, amma da zarar ta taka ƙofar aji ba Hausa ba Fillanci. Dokarta ke nan tun ranar farko. Wanda ya yi Hausa zai miƙe tsaye har sai ta ce ya zauna, kuma na ga magidanci mai furfura ya yi wannan tsayuwa.

Kimanin mako bakwai bayan zuwan Kawu, wata Asabar, ta shigo ta rubuta a allo cewa yau jimlolin sharaɗi za mu yi. Ta ja layi ta raba allon gida uku. Ta yi bayani da Turanci, da sauri kamar yadda ta saba, tana kiran sunayen da ban taɓa riƙewa ba, nau'i na ɗaya, na biyu, na uku. Ina kwafa ba tare da na fahimci komai ba. A gida na uku sai ta rubuta misali:

"If she had studied, she would have passed."

Hannuna ya tsaya. Ga "had" a gaba, ga "would have" a baya, daidai yadda suka zauna a katin Kawu. Kuma ba ta sa su gida ɗaya da jimlar da ke da "will" ba, ta ware su can ƙarshen allo. Idan ma'anarsu ɗaya ce, me ya sa aka raba musu gida?

Na ɗaga hannu na yi tambaya da guntun Turancina. Ta maimaita bayanin da ta yi, kalma bisa kalma, sai dai ta ɗan rage sauri. Ta tambaya ko na gane. Duk ajin suka amsa sun gane. Ni kuwa ban gane ba. Na miƙe tsaye da kaina tun kafin a ce in miƙe, na yi magana da Hausa.

"Malama, ki yi haƙuri, na san doka, ga ni tsaye. Don Allah ki yi mini bayanin wannan da Hausa. Misalan ki bar su da Turanci, amma ki faɗa mini da Hausa mene ne bambancin na farko da na uku. Wallahi ban gane ba, kuma akwai abin da ya sa nake tambaya."

Matar da ke kusa da ni ta ja mini gefen hijabi. Malama ta cire tabarau ta dube ni, ta daɗe, har na fara tunanin kora ta za ta yi. Da ta buɗe baki Hausa ce ta fito, karo na farko da muka ji ta a cikin aji.

"Tun da na fara koyarwa ba wanda ya taɓa tambayata wannan," ta ce. "Zauna."

Ta juya ga allo da alli a hannu, ta tsaya. Muna kallon bayanta. Ta fara rubuta wani abu ta goge. Ta sake farawa ta goge. Abin da ya ba ni mamaki ke nan na farko a ranar: matar da muke gani Turanci a bakinta kamar ruwa, ga ta tana neman yadda za ta faɗi abin da ta sani da harshen da take cinikin kasuwa da shi. Can ta juyo ta ce wa mai shagon magani, "Kai, in ka gayyaci abokinka cin tuwo gobe, yaya za ka ce masa?"

Ya ce, "Idan ka zo, za ka ci tuwo."

"To an yi tuwon jiya, bai zo ba, an cinye. Yau kun haɗu. Me za ka ce?"

Ya ɗan yi tunani. "Da ka zo, da ka ci tuwo."

"Ya zo?"

"Bai zo ba."

"Ya ci?"

"Bai ci ba."

"Akwai sauran abin da zai yi ya ci tuwon jiya?"

"Babu."

Ta buga allo da alli. "Shi ke nan darasin yau. Kuna da shi a bakinku tun kuna yara." Ta rubuta IDAN a saman gida na farko, ta rubuta DA … DA a saman na uku, ta ci gaba da Hausa, a hankali, tana nuna kowace kalma. Ta ce idan kun ga "if" da aiki a sigarsa ta yanzu, sannan "will" ya biyo a ɗaya ɓangaren, wannan idan ce, ƙofa a buɗe take, abin zai iya faruwa. Ta rubuta "If you come, you will eat." Idan kuwa kun ga "had" ya rako aiki a sigarsa ta uku, irin su "come" da "gone" da "eaten", sannan "would have" ya biyo da wani aikin a siga ta uku, wannan da ce. Ta rubuta "If you had come, you would have eaten." Ta ce wannan jimlar da-na-sani ce. Mai faɗin ta ba alkawari yake yi ba, labarin abin da bai faru ba yake bayarwa, kuma lokacinsa ya wuce.

Wani malamin firamare ya tambaya, shi ma da Hausa, to duk inda aka ga "had" ke nan abu ya wuce? Ta ce a'a, a lura. Ta koma gida na biyu ta rubuta "If I had a car, I would drive to Zurmi." Ta ce a nan "had" shi kaɗai ne, ba ya rako wani aiki, mallaka yake nufi, kuma bayan "would" babu "have". Da ina da mota, da na tuƙa zuwa Zurmi. Maganar yanzu ce, ba ni da motar, amma ba a ce ba zan taɓa samu ba. Ta ce Hausa takan yi amfani da da ga duka biyun, Turanci ne ya raba su, shi ya sa sai an dubi abin da ke bayan "had" da abin da ke bayan "would".

Wani ustazu a baya ya ce ashe kamar kalmomin "in" da "lau" ne a Larabci. Ta ce ita ba ta yi nisa a Larabci ba, amma in haka malamansa suka koya masa to ya riƙe. Malamin firamaren nan ya dafe kai ya ce shekara tara yana koya wa 'yan aji shida wannan a matsayin abu ɗaya. Surutu ya tashi ko'ina, kowa da Hausa, ba wanda aka ce ya miƙe.

Jimlar likita na zaune a kaina tun ranar da na karanta ta, sai na rubuta ta a ƙasan littafina, na jira aka tashi, na je wurin Malama tana kakkaɓe alli daga hannunta.

"Malama, wannan fa?"

Ta karanta. "Da ya zo da wuri, da mun ceto idon dama. Wa ya rubuta?"

"Likita. Kawuna ne."

"Allah sarki. Idon ya riga ya tafi ke nan."

"Ba yadda za a yi a fahimce ta a ce idan ya zo da wuri?"

"Babu." Ta dube ni sosai. "Me kika faɗa masa?"

Na faɗa mata. Na kuma faɗa mata abin da mahaifiyata ta gaya mini a waya kwanakin baya, cewa Kawu na shirin sayar da shanun huɗarsa a kasuwar Shinkafi don tafiya asibitin nan mai nisa, ni kuma har na sa albarka a shirin. Malama ta zauna a kan bencin yara kamar an tura ta. Ta ce in rubuta mata jimla ta biyu. Na rubuta. Ta sa yatsa a kan "uses" da "will keep".

"Wannan ce mai rai," ta ce. "Wannan ce idan. Yana ɗiga maganin?"

Na ce ban sani ba. Ban taɓa tambaya ba.

"Yaushe kasuwar Shinkafi?"

"Alhamis."

"To kada ki zo aji gobe."

A gida na gaya wa maigidana. Ya saurare ni har na gama, ya ce tun yaushe nake karanta wa mutane takardu haka? Ba da faɗa ya tambaya ba. Muka gwada wayar babban ɗan Kawu ba ta shiga, kamar yadda aka saba a ƙauyukan can. Ya ce ko ta shiga ma wannan ba maganar waya ba ce. Da safe ya raka ni tasha. Hanyar Shinkafi a shekarun nan ba a bin ta da wasa saboda 'yan bindiga, sai da rana ta ɗaga motoci suka taru sannan muka tashi a jere. Har muka wuce wajen Moriki ba wanda ya yi hira a motar. Ni dai ina ta juya yadda zan fara magana, duk wadda na shirya sai in ji ba ta yi ba.

Na isa Badarawa kafin azahar. Ina shiga gidan idona ya sauka a turke. Sa ɗaya ne a ɗaure, farin. Igiyar ɗayan na rataye a jikin turke. Matar Kawu ta ga inda nake kallo ta ce ai Alhamis ɗin da ta wuce aka kai jan Shinkafi, wannan ma dillali ya ce a kawo shi Alhamis mai zuwa, don kuɗin ɗaya ba zai isa mota da masauki da aiki ba.

Kawu na zaune a inuwar rumbu yana gyaran igiya. Ya yi murna da ganina, ya ce ko na zo rakiya ne. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi gida da gona, na rasa ta inda zan ɓullo. Sai na ce ya ba ni katin in sake dubawa. Ya ciro shi daga aljihu, ledar ta yi laushi don yawan taɓawa. Na karanta a zuci ko Allah zai sa na yi kuskuren tunawa. Kalmomin na nan yadda na san su.

"Kawu, na yi maka kuskure. Abin da na faɗa maka ba shi likita ta rubuta ba."

Ya ajiye igiyar. "Kamar yaya?"

"Ba ta ce idan ka zo da wuri za su ceto idon ba. Cewa ta yi da ka zo da wuri, da sun ceto shi. Tafintan nan gaskiya ya faɗa maka."

Ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya don ya gan ni da idon hagu. "Takardag ga ita ce kika karanta Kaura?"

"Ita ce."

"An ƙara mata wani abu?"

"Ba a ƙara ba."

"To takarda ba ta sake ba, yaya maganarta ta sake?"

Na ce ni ce ban iya ba a lokacin, jiya aka koya mini. Ya ce wanda ya koya mini jiya, ya ga idonsa? Na ce a'a. Ya ce to shi maganar farko ya riƙe, don ranar hankalina kwance yake, yau kuwa ga ni ina rawar murya. Ya ce ko mahaifiyata ce ta turo ni don tana jin tsoron hanya? Matarsa ta matso ta tsaya a bakin ɗaki.

Ban san abin da zan yi ba sai abin da na ga Malama ta yi. Na matsa kusa da shi na shimfiɗa katin a kan gwiwarsa, duk da na san ba ya karatun boko.

"Kawu, in ka ce idan an yi ruwa za mu shuka, an yi ruwan?"

"Ba a yi ba tukuna. Ana jira."

"In kuma ka ce da an yi ruwa da mun shuka?"

Ya sunkuyar da kai kan katin, ni kuma na ci gaba.

"Turawa ma suna da wannan bambanci. Ga shi nan." Na kama yatsansa na ɗora a kan layi na farko. "Wannan ƙaramar kalma da waɗannan biyun, in suka haɗu, su ne da. A kan idon dama suka zauna. Ni ban san su ba, na tsallake su." Na sauko da yatsan layi na biyu. "Nan babu su. Nan idan ce, kuma a kan idon hagu take. Idan kana ɗiga magani kullum, za ka ci gaba da gani da shi. Rubutun likita ɗaya ne, ta raba su da gangan."

Ya bar yatsansa a wurin. Ya ce in sake karanta masa da Turancin, a hankali, duka biyun. Na karanta. Ya ce in sake. Ya ce ko shi ya ji na farkon ya fi nauyi a baki.

"Ina maganin, Kawu?"

Matarsa ce ta amsa. Ta ce ya ƙare tun kusan sati uku, kuma ya hana a sayo wani, wai kuɗin tafiya ake tarawa, in an je can za a yi mai gaba ɗaya. Ta ƙara da cewa ko lokacin da yake akwai, rabi a idon dama yake zubawa, yana cewa shi ne marar lafiya.

Duk hanya sa nake tunani, ban kawo wannan a raina ba. Na fara kuka, Kawu bai ce in yi shiru ba. Ya ninke katin ya mayar cikin leda, amma bai sa a aljihu ba, ya miƙa wa matarsa. Ya tashi ya nufi turke ya tsaya kusa da farin sa, ya daɗe a can. Da aka kira azahar ya wuce masallaci ta gabana bai dube ni ba.

Bayan ya dawo ya aika a gaya wa dillali an fasa. Ni kuma ya ce mini, yana kallon wani wuri, "Gobe ki kai ni inda za a hwaɗa mini da Hausa, zaune." Iyakar abin da ya ce da ni ke nan har na kwana na tashi.

Litinin muka dawo Kaura, Talata muka wuce Gusau wurin likitan ido. Wannan Bahaushe ne. Ya auna idon, ya karanta katin, ya zaunar da Kawu ya yi masa bayani. Ya ce ciwon na matsin ruwan cikin ido ne, yana cin jijiyar gani a hankali ba tare da zafi ba, abin da ya ci kuma ba ya dawowa, ko da aiki ko da magani. Na dama ya gama. Na hagu matsinsa ya hau sosai, ganin gefe ya ragu, amma tsakiya na nan. Ya rubuta magani, ya ce safe da yamma har iyakar rai, kuma kada a bari kwalba ta ƙare kafin a sayo wata.

Da Kawu ya fita na tsaya na tambayi likitan ko makonnin da aka yi ba magani su ne suka rage ganin gefen. Ya ce ba shi da awon farko da zai gwada da na yau, don haka ba zai iya cewa eh ko a'a ba. Na so ya ce a'a. Bai ce ba.

Jan sa bai dawo ba. Wanda ya saya ya riga ya loda shi zuwa kudu, kuɗin kuma magani da zirga-zirga suka ci wani abu daga ciki, ragowar ba ta kai sayen irinsa ba da damina ta matso. A shekarar Kawu ya haɗa farin da san wani maƙwabcinsa suna huɗa bi da bi, yau gonarsa gobe ta maƙwabcin, ya rasa aikin huɗar da yake yi wa mutane. Ya yi wata huɗu ba ya sauka a gidana in ya zo Kaura karɓar magani, gidan wani abokinsa yake zuwa. Mahaifiyata ta ce in bar shi, zai huce. Labari kuma ya zaga dangi, takardun da ake kawo mini suka ragu, waɗanda aka kawo ma na koyi cewa wannan layin ban tabbata ba, bari in tambaya.

Malama ba ta soke dokarta ba, amma ta yanke minti goma sha biyar a ƙarshen kowane darasi, ta ce na Hausa ne, kowa ya tambayi abin da bai gane ba. Minti goma sha biyar ɗin nan sukan kai awa. A cikinsu na gano wasu abubuwa biyu da na daɗe ina fassara wa mutane a karkace, sai dai su ba su taɓa lafiyar kowa ba. Na ci jarrabawar a shekara ta biyu.

Bayan girbi Kawu ya yi sallama a ƙofar gidanmu da ɗan buhun gero a kan babur ɗin haya. Ya zauna, ya sha ruwa, ya tambayi yara. Lokacin ɗiga magani ya yi, ya ciro kwalbar ya miƙo mini, ya ce hannunsa na rawa kwanan nan, rabi a kumatu yake zuba. Ya kwantar da kai baya a jikin bango, na buɗe fatar idon hagu na ɗiga masa ɗigo ɗaya. Har yau yana gani da shi, kamar ta cikin bututu in ji shi, kuma yana zuwa gona da ƙafarsa.